Ƙwaya ta daina yi mini aiki: famfo, allura ko tiyata?

"Likita, barka da aiki. Shekarata 57, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Shekara 13 ke nan ina fama da ciwon suga, ina shan ƙwaya, ina kuma allurar insulin da dare. Mata biyu gare ni, amaryar tana son ƙarin haihuwa. Na yi shekara huɗu ina amfani da ƙwayar ƙarfin maza ta sildenafil, yanzu ko mai 100 na sha sai gaba ta ɗan motsa ta kwanta. Wani abokina ya ce akwai allurar da wani mai kemis ke yi, wani kuma ya ce in tara kuɗi in tafi Masar a sa mini roba. Wanne ya dace da ni? Don Allah a sakaya sunana."

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan in warware ta. A yadda ka bayyana kanka, allura ce ta fi kama da kai, amma ba ta hannun mai kemis ba. Famfo, wato kwalbar da ke zuƙe iska ta jawo jini cikin gaba, zai iya zama mataimakinta. Tiyata kuwa ka ajiye ta a ƙarshe, domin ita kaɗai ce a cikin ukun idan an shiga ba a fitowa.

Kafin mu kai can, ina da tambayoyin da nake yi wa duk wanda ya zauna gabana ya ce ƙwaya ta daina aiki, saboda da yawa ba ƙwayar ce ta gaza ba, yadda ake shanta ne. Sildenafil ba ta shiri da ciki mai nauyi. Wanda ya tashi daga tuwon dare da miyar da ta ji mai da nama, ya kora ƙwaya, ya shiga ɗaki bayan minti goma sha biyar, bai ba ta damar komai ba. Tana son ciki marar maiƙo, a ba ta kamar awa guda, kuma ba ta tayar da gaba da kanta sai an yi wasa an motsa sha'awa. Ba ma cewa ta gaza sai an gwada ta haka sau shida zuwa takwas a kan mafi girman adadin da jiki ke ɗauka, da magani na gaskiya daga kantin da aka amince da shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Sannan akwai tadalafil, wadda abinci ba ya dame ta, kuma akan sha miligiram 5 kullum. Wasu da sildenafil ta ƙi su sukan dace da ita. Ina kuma son ganin gwaji uku: HbA1c, wanda ke nuna yadda sugarka ta kasance a wata ukun da suka wuce; sinadarin maza na testosteron, a ɗebi jinin da safe kafin ƙarfe goma sha ɗaya; da rukunin jininka na sikila, wato ko AA kake ko AS. Na ukun nan za ka ga dalilinsa a gaba. A duba zuciya ma, domin jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su suke fara toshewa, kuma sau da yawa raunin gaba shi ne ɗan aiken ciwon zuciya. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe kuwa, ƙwayoyin nan haramiyarsa ne tun farko, haɗuwarsu tana faɗar da jini ƙasa warwas.

To mu ɗauka an yi duk wannan, ƙwaya ta ƙi. Ga mai suga na shekara 13 ba abin mamaki ba ne, kuma fahimtar dalilin ita za ta nuna maka hanya. A cikin azzakari akwai bututu biyu, dama da hagu, cike da nama mai kama da soso. Idan sha'awa ta taso, jijiyar saƙo ce ke kawo umarni, naman ya saki, jini ya cika soson, cikar kuma ta matse hanyoyin da jinin zai koma. Aikin ƙwaya ɗaya ne: ƙara wa wannan saƙon ƙarfi. Kamar lasifika take, tana ɗaga muryar mai magana, amma idan babu mai magana ba ta da abin ɗagawa. Suga kuwa jijiyoyin saƙon take ci a hankali, irin cin da ke sa ƙafa ta riƙa yin dindiris ko zafi da dare. Idan kana jin haka a tafin ƙafarka, to kusan abin da ke faruwa a can ƙasa ke nan. Ba basir ba ne, ba kuma sanyi ba, duk da abin da masu motar lasifika ke shela a bakin kasuwar Sabon Gari. Hanyoyi ukun nan, allura da famfo da tiyata, duk suna kewaye wannan jijiyar ne, kowace ta inda take bi.

Allura tana kai maganin cikin soson kai tsaye, ya saki naman ba tare da jiran saƙo ba. Shi ya sa take aiki ga masu suga, da waɗanda aka yi wa tiyatar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da waɗanda suka samu rauni a laka. Ba sabon abu ba ne, tun 1982 wani likita a Faransa ya gano hakan da maganin fafaberin. Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne alfurostadil, kuma fiye da mutum bakwai cikin goma suna samun ƙarfin da ya isa saduwa da shi. Akwai kuma haɗin magunguna biyu ko uku da ake yi wa wanda alfurostadil kaɗai bai ishe shi ba, ko yake sa shi zafi.

Na san abin da ke ranka, domin babu namijin da na taɓa faɗa wa inda ake allurar bai ɗan matse ƙafafunsa ba. Amma kai ka riga mutane da yawa, tunda kullum kana soka wa kanka insulin. Allurar siririya ce kamar waccan. Ga yadda muke koyarwa a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum ya wanke hannu, ya zauna a bakin gado, ya kama kan azzakari da hannun hagu ya miƙar da shi a kan cinya. Ka ɗauki jikinsa kamar fuskar agogo: sama, ƙarfe goma sha biyu, nan jijiyoyin ji da na jini suke bi, ba a taɓawa, ƙasa, ƙarfe shida, nan hanyar fitsari take, ita ma ba a taɓawa. Wurin allura gefe ne, wajen ƙarfe goma ko ƙarfe biyu, a ɓangaren da ya fi kusa da tushe, nesa da kai, inda ba ka ga koriyar jijiya ta fito a fata ba. A goge da audugar sifirit, a soka a miƙe ba a karkace ba, a tura maganin a hankali. Idan ya ƙi shiga, bakin allurar yana cikin fata mai tauri da ta lulluɓe soson, sai a ɗan gyara zurfinta. A zare, a danne wurin da yatsa minti biyu zuwa uku, mai shan maganin tsinka jini ya kai biyar. Yau dama, karo na gaba hagu. Cikin minti biyar zuwa goma sha biyar gaba za ta miƙe.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ilimin yake shi ne adadi, kuma nan ne nake tsoron abokinka da mai kemis ɗinsa. Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Muna farawa da maikirogiram 2.5 na alfurostadil a asibiti, wanda matsalarsa ta jijiyar saƙo ce zalla, kamar matashi mai raunin laka, da rabin haka, domin jijiyoyin jininsa lafiya lau suke kuma kaɗan ke tashinsa. Sai mu jira mu gani, mu riƙe mutum har gaban ta sauka. Idan bai isa ba, ya dawo wata rana a ƙara kaɗan. Mai suga irinka yakan tsaya tsakanin 10 da 20. Abin da muke nema shi ne ƙarfin da ya isa saduwa kuma ya sauka kafin awa guda. Wanda ya wuce awa ɗaya ba nasara ba ce, alama ce adadin ya yi yawa, a rage. Ba a wuce sau uku a mako, ba a yin biyu sai awa 24 ta shiga tsakani, kuma idan ka yi allura ba ta kama ba, ba a ƙara wata a daren nan. Haka nan ba a haɗa ta da ƙwaya a rana ɗaya sai likita ne ya tsara.

Dalilin wannan tsauri shi ne miƙewar da ke ƙin sauka. Jinin da ya cika soson idan ya makale, iskar da ke cikinsa tana ƙarewa, naman ya fara mutuwa. Na taɓa karɓar wani magidanci ɗan shekara arba'in da wani abu wanda aka yi wa allurar fafaberin a bayan kanti ranar Alhamis da dare, ba awo ba komai. Da asuba abu bai sauka ba, ga azaba. Kunya ta hana shi magana. Ya sa ƙanƙara, ya sha jiƙo, ya yi wanka da ruwan sanyi, Juma'a ta wuce yana kwance ya ce wa iyali zazzaɓi ne. Sai ranar Asabar da hantsi ƙaninsa ya kawo shi, yana tafiya a sunkuye ya riƙe babbar riga nesa da jikinsa. Da muka sa allura muka zuƙo jinin, baƙi ƙirin ya fito, mai kauri kamar tsohon baƙin mai na inji. Mun samu ya sauka, amma soson ya riga ya zama tabo. Mutumin da ya je neman ƙari, ɗan abin da yake da shi ma ya tafi. Da ya zo a daren farko, da aikin bai fi na awa ɗaya ba: a zuƙe jinin, a sa maganin da ke tsuke jijiya, ya koma gida da lafiyarsa.

Saboda haka ka riƙe lissafin nan. Idan an kai awa biyu bai sauka ba, tashi ka yi fitsari, ka yi tafiya da sauri ko ka hau bene ka sauka. Idan an kai awa uku, nemi mota. Awa huɗu ta same ka a sashen gaggawa na asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Daga Tudun Wada zuwa asibitin koyarwa na Shika da tsakar dare tafiya ce, ka san wanda zai kai ka tun kafin ka fara amfani da allurar. Bayan kwana ɗaya lalacewa ta yi nisa, bayan awa 36 da wuya gaba ta sake miƙewa da kanta. Ga wanda aka auna wa adadi yadda ya kamata abin ba ya yawan faruwa, kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari da alfurostadil, fafaberin kuma ya fi shi wannan haɗari. Nan ne gwajin sikila ya shigo. Mai SS ba a yi masa allurar nan sam, domin ko ba allura wannan matsala tana samunsa. Mai AS ma takardar maganin ta hana, kuma a ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, da yawa daga cikin sa'o'inka kuma sun yi aure tun ba a gwaji, ba su san nasu ba. Mai kansar jini shi ma ba nasa ba ne.

Sauran illolin ƙanana ne amma su ke sa mutane bari. Alfurostadil yakan sa wani zafi mai tsami a cikin gaba, wasu su saba, wasu a canza musu zuwa haɗin. Yawan soka wuri ɗaya yana kawo ƙulli ko ɗan lanƙwasa. Duk wata ka shafa da yatsa, ka ji wani tauri kamar ƙwayar wake, dakata ka zo a duba. Sai maganar ajiya, wadda a Zariya ba ƙarama ba ce. Haɗin magunguna ukun firji yake so, kuma ka san halin wutarmu. Garin alfurostadil da ba a haɗa da ruwa ba ya fi haƙuri, amma shi ma ba a son ya wuce zafin digiri 25, alhali a watan Maris da Afrilu ɗakin kwano ya wuce haka nesa. Inda kake ajiye insulin ɗinka, nan za ka nema masa wuri. Maganin da ya sha zafi yana rage ƙarfi, mutum ya ga ba ya aiki ya ƙara adadi, ranar da ya sayo sabo kuma ya yi wannan adadin, sai a kwana a asibiti. Idan ka buɗe sabon kwali, koma adadin da aka rubuta maka. Kuma samun maganin ba kullum yake da sauƙi ba, ga tsada. Kusan rabin waɗanda suka fara allura suna dainawa, yawanci a watannin farko, kuma ba don ba ta aiki ba.

Akwai wani lissafi da littattafan da muka karanta ba su yi ba, don ba su san rabon kwana ba. Idan kwana bibbiyu kake yi, kuma ka ce kowane ɗaki allura ɗaya, to allura ce duk bayan kwana biyu, wani makon za ta kama sau huɗu, ka haura iyaka. Ko dai ka tsara uku a mako, wannan makon biyu a ɗakin uwargida ɗaya a na amarya, mako mai zuwa ka juya, ko kuma ka cike giɓin da famfo. Mai mata uku ko huɗu ba zai iya dogara da allura kaɗai ba. Kada neman adalci tsakanin iyali ya sa ka yi wa jikinka zalunci.

Shi famfo ba magani a cikinsa. Kwalba ce ta roba mai haske, buɗe a gefe ɗaya, da abin zuƙe iska na hannu ko na batir, da zobban roba masu kunnuwa. A rage gashin mara don bakin kwalbar ya kama fata, a shafa man santsi mai ruwa a bakinta da jikin gaba, a ɗora zoben a gindin kwalbar, a shigar, a manna da jiki, a zuƙe iskar sannu-sannu ana hutawa. Jini zai shigo cikin minti biyu zuwa biyar. Idan ta cika, a turo zoben ya sauka a tushen gaba ya riƙe jinin, a saki iska a cire kwalbar. Doka ɗaya ce ba a karyawa: zobe ba ya wuce minti 30, kuma ba a barci da shi. Nakan ce wa mutum ya yi mako ɗaya ko biyu yana gwaji shi kaɗai ba tare da zobe ba, har hannunsa ya faɗa, domin wanda ya fara koyo a gaban iyali yakan jefar da abin a ƙasan gado daga daren farko. A sayi na asibiti mai abin da ke taƙaita ƙarfin zuƙa. Na tallan waya da ake cewa yana ƙara girma, ba ya ƙara komai sai ɓarkewar jini a fata.

Amfaninsa a fili yake. Sau ɗaya ake saye, ba ruwansa da firji, ba shi da iyakar sau uku a mako, kuma yana tayar da gaba ko mene ne sanadin rauninta. Har wanda matsalarsa yoyo ce, wato jini yana shiga amma ba ya tsayawa, wanda allura kan gaza a kansa, zoben yana toshe masa yoyon. Amma ba zan ɓoye maka yadda abin yake ba. Gaban takan yi sanyi, ta ɗan yi duhu, kuma da sanyin hunturu mace tana jin bambancin. Ƙarfin daga zobe zuwa gaba yake, tushen yana lilo, sai an taimaka da hannu. Zoben kuma yana matse hanyar maniyyi, inzali yana zuwa amma maniyyin yakan tsaya sai an cire. Ga ka da amarya mai neman haihuwa, wannan kaɗai ya isa ya hana famfo zama babbar hanyarka, aƙalla a kwanakin da take iya ɗaukar ciki. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin zai riƙa samun taruwar jini a fata, mai SS kuma ba ya amfani da shi. A ganina famfo ya fi dacewa da dattijon da suka daɗe da matarsa, sun wuce jin kunyar juna, saduwarsu jefi-jefi ce, ko yana da ciwon zuciyar da ya hana shi ƙwaya, ko yana tsoron allura. Saurayin ango da wuya ya jure shi.

Kuma a nan zan faɗi abin da maza ba sa son ji. Ƙwaya ana iya shanta a ɓoye. Famfo ba ya ɓoyuwa, allura ma ba ta daɗewa a ɓoye. Matar da ta tsinci sirinji a aljihun mijinta, ko ta ga ya daina kusantarta ba bayani, zuciyarta ba ta zuwa kan ciwon suga. Kishiya take zargi, ko sammu, ko wata a waje. Waɗanda na ga sun dore da waɗannan hanyoyi, yawancinsu matansu sun sani, wasu ma matan ne ke riƙe audugar.

Sai robar da aka ce ka je Masar. Tiyata ce ta awa ɗaya zuwa biyu, ana buɗe bututun nan biyu a faɗaɗa cikinsu a zura abin da zai maye gurbin soson. Iri biyu ne. Akwai mai lanƙwasuwa, sanduna biyu na silikon masu waya a ciki: a ɗaga sama lokacin buƙata, a lanƙwasa ƙasa bayan an gama. Kullum da taurinsa, amma a cikin kaftani ko babbar riga ba mai lura. Ya fi araha, ba shi da abin lalacewa sosai, kuma ya dace da wanda yatsunsa ba su da ƙarfi. Akwai kuma mai ruwa, wanda aka fara a 1973: bututu biyu a cikin gaba, ɗan famfo a cikin jakar maraina, da ɗan tankin ruwan gishiri a cikin mara. A matsa famfon ruwa ya cika bututun, a danna wani wuri ya koma tanki gaba ta kwanta. Shi ya fi kama da halitta, a miƙe da a kwance, amma ya ninka wancan tsada, yana son yatsu masu ji da ƙarfi, kuma inji ne, wata rana zai iya yoyo, ko da yake yawancinsu suna haura shekara goma. Ana fara amfani da kowanne bayan mako huɗu zuwa shida.

Gaskiya ita ce a cikin hanyoyin nan duka, waɗanda aka yi wa tiyata sun fi kowa gamsuwa, kusan tara cikin goma. To me ya sa na ce ka jinkirta? Na farko, faɗaɗa bututun yana lalata soson har abada. Idan aka cire robar, ba ƙwaya ba allura da za su sake aiki. Na biyu, ba ta ƙara tsawo, mutane da yawa ma sukan ga kamar sun ɗan ragu, kan gaba kuma ba ya kumbura kamar da. Sha'awa, jin daɗi da fitar maniyyi suna nan yadda ta same su, ba ta ƙara ba ta ragewa. Na uku shi ne wanda ya shafe ka kai tsaye: ƙwayar cuta. Mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari robar takan kamu a tiyatar farko, kuma mai sugar da ba ta daidaita ba ya fi kowa shiga wannan sahu. Likitoci da yawa ba sa taɓa wanda HbA1c ɗinsa ya haura 8.5, ni ma ba zan tura shi ba. Alamarta zafi ne da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan makonnin farko, ja, kumburi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ko famfon ya manne da fatar maraina. Idan ta kama, shan magani kaɗai ba ya kashe ta, yawanci sai an cire robar, kuma idan ba a sa wata da wuri ba wurin yakan ƙanƙance ya yi tabo. Mai sugar da jinsa ya ragu yana da wani haɗarin kuma da mai lanƙwasuwa: sandar tana iya cin fata a hankali bai ji ba.

Wannan ya sa nake jan kunnen masu tafiya waje. Yin tiyatar a Masar ko Indiya ba laifi ba ne, akwai ƙwararru. Amma matsala ba a ɗakin tiyata take fitowa ba, bayan mako uku ko wata biyu take fitowa, lokacin kana Tudun Wada shi kuma likitan yana wata ƙasa. Duk wanda zai yi maka, a nan ko a can, tambaye shi guda nawa yake sawa a shekara, wane iri zai sa maka da sunan kamfaninsa a rubuce, ko robar tana da rufin maganin kashe ƙwayar cuta, kuma wa zai duba ka idan ka dawo. Ka samu likitan mafitsara a gida da ya san da tafiyarka tun kafin ka hau jirgi. Waɗanda tiyata ta dace da su tun wuri su ne wanda allura da famfo suka gaza masa ko ya kasa jure su, wanda gabansa ta lanƙwashe da tabo ga kuma rauni, da irin magidancin can da na ba ka labari, wanda sosonsa ya mutu. Matasa masu sikila da miƙewa ta sha kamawa har ta lalata su, su ma nan ne mafitarsu.

Kai ba ka kai can ba. Ga yadda zan bi da kai da a gabana kake. Mako na farko gwaje-gwajen nan uku da duba zuciya. Idan HbA1c ya fito 9 ko 10, aikinmu na wata uku masu zuwa suga ne, tare da likitan da ke duba ka, kuma a cikin wannan lokaci ka gwada tadalafil ta kullum idan zuciya ta yarda. Idan testosteron ya yi ƙasa, kada ka yarda a fara maka allurarsa kai tsaye, domin tana tsayar da yin maniyyi, ga amarya tana jiran ciki. Akwai wasu hanyoyin ɗaga shi. Idan ƙwaya ta sake ƙi kuma jininka AA ne, sai allura: zuwa biyu zuwa huɗu a asibiti har a samu adadinka, ka yi ta farko da hannunka a gaban likita, a rubuta maka adadin da abin da za a yi idan ta ƙi sauka a takardar da za ka riƙa ajiyewa a aljihu. Idan AS ne, famfo za mu duba da taka-tsantsan, a cire zoben da wuri, mu kuma yi maganar haihuwar daban, har da gwajin jinin amarya. Idan adadi mafi girma na allura bai tayar da kai ba, akwai hoton jijiyoyin gaba da ake yi bayan an sa allurar, shi zai nuna ko jini ne ba ya shiga ko yoyo yake, daga nan ne maganar tiyata za ta zama ta gaske.

Ka nemi takardar turawa zuwa sashen likitocin mafitsara a Shika. Ranar zuwa ka taho da duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya da na shayi da zumar da aka ce ta maza ce, don an sha samun sildenafil a ɓoye cikin irinsu, kuma ina buƙatar sanin abin da ke jikinka kafin in auna maka allura.